Inda Kuɗin Ɗan Kasuwa Ke Zurarewa a Takardar Banki

Ƙorafin da aka fi ji a kan bankuna, daga babbar kasuwar Birnin Kebbi har Jega da Argungu, na naira 50 ne da naira 6. Waya ta yi ƙara, mutum ya duba ya ga an cire hamsin, ransa ya ɓaci. Ɓacin ran yana da dalili, domin kuɗinsa ne. Sai dai ga ɗan kasuwar da ke da asusun karant, musamman wanda banki ya ba shi damar cirar fiye da abin da ke cikin asusunsa, wato obadiraf, waɗannan ƙananan caji ba su kai a tsaya a kansu da yawa ba. Babban kuɗin yana cikin layi biyu da ke fitowa sau ɗaya a ƙarshen wata, kuma su ne mutane ba sa dubawa, saboda ba a taɓa nuna musu yadda ake lissafa su ba.

Za mu bi takardar wata guda ta wani mai sayen shinkafa shanshera. Misali ne muka tsara, amma farashin cajin duka na gaskiya ne, kamar yadda yake a watan Nuwamban 2025 a ƙarƙashin ƙa'idar cajin bankuna da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da ita ranar 1 ga Janairun 2020, tare da gyare-gyaren da suka biyo baya. Ana sauya waɗannan farashi lokaci zuwa lokaci, don haka kowace takarda da farashin watanta ake auna ta. Hanyar lissafin ita ce ba ta sauyawa.

Mutumin namu yana saye a hannun manoman fadamar Argungu da Suru, yana kai wa wani kamfanin casa. Banki ya amince masa da obadiraf na naira miliyan 10 a kan ruwan kashi 30 cikin 100 a shekara. Ya shiga watan da naira miliyan 2 a asusu. Ranar Litinin 3 ga wata ya tura wa manoma da yaransa na ƙauye naira miliyan 6, kashi 12 na dubu 500. Ranar 10 ga wata ya ƙara tura miliyan 5, kashi 10. Ranar Juma'a 21 ga wata kamfanin ya ba shi ceki biyu na wani banki, kowanne na naira miliyan 6, jimla miliyan 12, ya kai ya zuba. A makon ƙarshe ya tura miliyan 2 zuwa asusunsa na wani banki, ya kuma mayar da dubu 500 asusunsa na ajiya da ke banki ɗaya da na karant ɗin. Ƙananan masu saye 11 sun turo masa kuɗi, 8 daga cikinsu sun kai naira dubu 10 ko fiye.

Kafin a taɓa lissafi, a nemi cikakkiyar takardar asusu ta watan. Saƙon alat ba ya wadatarwa, domin wasu cajin ba sa zuwa da saƙo, wasu kuma a dunƙule suke zuwa. Takardar wata-wata kyauta ce bisa ƙa'ida, kuma ana iya saukar da ita daga manhajar banki. Wadda mutum ya je reshe ya nema ta musamman ce ake cajin ta, kuma bai kamata ya wuce naira 20 a kowane shafi ba. A saman takardar akwai ginshiƙai: `Trans Date` ranar da aka shigar da abu, `Value Date` ranar da banki ya ɗauki kuɗin a matsayin ya shiga ko ya fita, `Narration` bayani, sai `Debit` abin da ya fita, `Credit` abin da ya shiga, da `Balance` abin da ya rage. Idan ragowar tana ɗauke da `DR` ko alamar ragi, banki ne ke bin ka. Ga yadda layukan caji za su kasance, ko da yake kowane banki da irin rubutunsa:

```
03-NOV  NIP CHARGE                    50.00
03-NOV  VAT ON NIP CHARGE              3.75
27-NOV  EMTL                          50.00
30-NOV  SMS ALERT CHARGE             216.00
30-NOV  ACCOUNT MAINTENANCE FEE   13,000.00
30-NOV  VAT ON MAINTENANCE FEE       975.00
30-NOV  DEBIT INTEREST           126,575.34
```

Mu fara da ƙananan mu wuce. A Nuwamban 2025 kuɗin taransifa zuwa wani banki hawa uku ne: naira 10 idan kuɗin bai wuce dubu 5 ba, naira 25 daga nan zuwa dubu 50, naira 50 ga abin da ya haura haka. A kan kowanne ana ɗora harajin `VAT` na kashi 7.5 cikin 100, shi ya sa ake ganin 10.75 da 26.88 da 53.75. Mutumin namu ya yi taransifa 23 zuwa wasu bankuna, duka sun haura dubu 50, don haka naira 1,236.25 ke nan. Dubawar ba ta wuce ƙirge ba: a ƙirga taransifa, a ƙirga layukan caji, su zo daidai. Inda ake samun tangarɗa shi ne taransifar da ta maƙale aka dawo da ita. Uwar kuɗin takan dawo da alamar `REVERSAL` ko `RVSL`, amma wani lokaci hamsin ɗin da harajinta ba sa biyo ta, kuma ya kamata su biyo ta tunda ba a yi aikin ba.

Naira 50 ta `EMTL` kuwa ba ta banki ba ce. Haraji ne na gwamnati a kan kuɗin da aka tura ta na'ura idan ya kai naira dubu 10, banki karɓa kawai yake yi ya miƙa. Hamsin ce ko kuɗin dubu 10 ne ko miliyan 10, ba a ɗora mata `VAT`, kuma ba a cire ta idan mutum ya juya kuɗi tsakanin asusunsa biyu a banki ɗaya. A Nuwamban 2025 wanda kuɗi ya shigo wa ne ke biya, don haka taransifa 8 ɗin nan sun ci masa naira 400, sauran 3 da ba su kai dubu 10 ba babu komai a kansu. Daga 1 ga Janairun 2026, bisa sabuwar dokar haraji ta 2025, sunan ya koma `STAMP DUTY`, harajin kan sarki, kuma mai turawa ne ke biya. Ga mai sayen shanshera wannan sauyi ba ƙarami ba ne a ƙirge, domin shi ne mai yawan turawa: biyan manoma 22 zai ci masa naira 1,100. Saƙonnin alat 36 a kan naira 6, farashin da bankuna da dama suka koma a 2025 daga naira 4, sun zama 216. Ƙa'ida ta ce ba a cajin mutum kuɗin saƙon da ke sanar da shi cajin da banki ya cire da kansa.

A haɗa waɗannan ukun, naira 1,852.25 ne a wata guda. Su ne duk abin da ya riƙa sa wayarsa ƙara.

Kuɗin kula da asusu shi ne na farko cikin manyan biyu. Mutane da yawa sun ɗauka wani tsayayyen kuɗi ne na wata-wata, ko kuma ana lissafa shi a kan abin da ke kwance a asusu. Ba haka ba ne. Kamar la'adar dillali yake: a kan abin da ya fita ake yanka shi, naira 1 a kowace naira 1,000 a farashin Nuwamban 2025. Wanda ya ajiye miliyan 50 bai taɓa ta ba, ba zai biya ko kwabo ba. Wanda jarinsa miliyan 2 ne amma ya juya shi sau goma a wata, zai biya a kan miliyan 20. Shi ya sa cajin ke cin 'yan hatsi da 'yan dabbobi da masu sayar da taki, waɗanda kuɗi mai yawa ke bi ta hannunsu alhali ribarsu a kan buhu kaɗan ce.

Ba kowace fita ce ake lissafawa ba, kuma a nan ne ya kamata a buɗe ido. Ƙa'idar ta ambaci iri biyu: kuɗin da mai asusu ya biya wani, da kuɗin da ya tura asusunsa na wani banki. A takardar mutumin namu, miliyan 6 da miliyan 5 na manoma sun shiga, miliyan 2 da ya tura wa kansa a wani banki ma ta shiga. Jimla miliyan 13. A raba da dubu, naira 13,000, a ɗora harajin 975, ya zama 13,975. Dubu 500 da ya mayar asusun ajiyarsa na banki ɗaya ba ta cikin lissafi. Haka kuɗin ruwa da sauran cajin da banki ya cire da hannunsa, ba mai asusu ne ya jawo fitarsu ba. Idan ya ga 13,500 a maimakon 13,000, to an haɗa da dubu 500 ɗin nan, kuma yana da hujjar neman a dawo masa da 500 da harajinta.

Akwai abu biyu game da wannan caji da ba a cika gaya wa mutane a kantar banki ba. Na farko, asusun karant kaɗai ya shafa. Idan ya fito a asusun ajiya kuskure ne. Abin da asusun ajiya ke biya a Nuwamban 2025 shi ne kuɗin kula da katin cirar kuɗi, naira 50 a duk wata uku, wanda shi kuma ba a cire shi a katin asusun karant. Na biyu, naira 1 a kan dubu iyaka ce ta sama a lokacin, ƙasa da haka kuwa ciniki ne tsakanin banki da mai asusu. Ɗan kasuwar da ke juya miliyan 13 a wata yana biyan kusan naira dubu 168 a shekara a wannan layi kaɗai. Ya cancanci ya zauna da manajan reshe ya nemi a mayar masa da shi kwabo 50, ko a sa shi a irin asusun da ba a cire wannan caji idan an bar wani adadi a ciki. In an amince, a karɓi amincewar a rubuce, domin alkawarin baki yakan tafi tare da ma'aikacin da aka sauya wa reshe.

Yanzu sai babban, kuɗin ruwan obadiraf. Ba a lissafa shi a kan miliyan 10 da aka amince, ba a kuma lissafa shi a kan ragowar ƙarshen wata. Kullum idan banki ya rufe littafinsa, yana duba nawa yake bin ka a wannan daren, ya lissafa ruwan kwana ɗaya, ya ajiye a gefe ba tare da ka gani ba. Ranar ƙarshen wata sai ya tara ya cire gaba ɗaya. Lissafin shi ne:

```
ruwa = bashi × 0.30 × kwanaki ÷ 365
```

A ruwan kashi 30, kowace miliyan ɗaya tana cin naira 821.92 a kwana. Wannan adadin ne ya kamata mai obadiraf ya haddace, ya sake lissafa shi duk lokacin da aka sauya masa farashi.

Ranar 3 ga wata, da ya fitar da miliyan 6 daga asusu mai miliyan 2, banki ya fara bin sa miliyan 4. Haka ya zauna kwana 7, daga 3 zuwa 9, ruwan ya kama naira 23,013.70. Ranar 10 bashin ya hau miliyan 9, wanda ke cin naira 7,397.26 a kwana. Shi mutumin a ransa bashin ya ƙare ranar Juma'a 21, ranar da ya miƙa ceki aka buga masa hatimi. Da haka ne, kwana 11 zai biya. Amma cekin wani banki ba ya zama kuɗi sai an tantance shi, kuma ba a tantancewa Asabar da Lahadi. A takarda za a ga `Trans Date` 21, `Value Date` 24, kuma na biyun ne ruwa ke bi. Kwanakin sun zama 14, daga 10 zuwa 23, ruwansu naira 103,561.64. A haɗa da na farko, naira 126,575.34. A takardar gaske za a ga ɗan ƙarin da bai taka kara ya karya ba, saboda kuɗin taransifar da aka cire su ma sun hau kan bashin. Babu `VAT` a kan kuɗin ruwa, idan aka gan shi a nan a tambaya.

Kwana ukun nan na ƙarshen mako sun ci naira 22,191.78, kusan ninki 12 na duk ƙananan cajin watan. Banki bai yi kuskure a nan ba, haka tsarin yake, kuma da mutumin ya nemi kamfanin ya biya shi ta taransifa a ranar Juma'ar da bai biya su ba. Haka nan idan yana da wani kuɗi kwance a wani asusu a kwanakin da ake bin sa miliyan 9, kowace miliyan da ya bari a can asarar 821.92 ce a kwana. Mai obadiraf bai kamata ya tara cinikin mako ya kai banki ranar Litinin ba. Duk abin da ya shigo hannu, a zuba shi a ranar kafin a rufe littafi.

Idan mutum ya yi lissafinsa ya ga na banki ya fi nasa da yawa, dalilan da aka saba samu kaɗan ne. Ko dai ya ƙirga kwanaki da ranar shigarwa a maimakon ranar da kuɗi ya zauna, ko an ɗaga farashin ruwan. Yawancin takardun yarjejeniya suna ba banki damar sauya farashi idan kasuwar kuɗi ta motsa, musamman idan Babban Banki ya taɓa nasa ma'aunin, wanda yake kashi 27 a Nuwamban 2025. Amma dole ne a sanar da mai asusu aƙalla kwanakin aiki 10 kafin sabon farashi ya fara. Hanyar gane farashin da aka yi amfani da shi ita ce a juya lissafin: a ninka kowane bashi da kwanakinsa a tara, wato miliyan 4 sau 7 da miliyan 9 sau 14, jimla miliyan 154. A ninka ruwan da aka cire da 365, a raba da wannan jimla. Idan amsar ta fito 0.30, daidai ne. Idan ta fito 0.33, an caje ka kashi 33, sai ka nemi a nuna maka sanarwar.

Dalili na uku shi ne tara, kuma shi ya fi ciwo. A ce kamfanin bai biya ba har wata ya ƙare. Ruwan Nuwamba zai kai naira 178,356, a ɗora shi a kan miliyan 9, ruwan Disamba kuma a lissafa shi a kan sabuwar jimlar, ruwa a kan ruwa. Wanda ya ci obadiraf ɗinsa har miliyan 9 da dubu 900 yana ganin da saura, amma ruwan ƙarshen wata kaɗai zai tura shi ya haura iyakar miliyan 10 ba tare da ya cire ko sisi ba. Haka idan wa'adin yarjejeniyar ya cika ba a biya ba kuma ba a sabunta ba. Ƙa'ida ta ba banki damar ɗora tarar da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata a kan abin da ba a biya ba, bayan ruwan da aka saba, tare da rangwamen kwana 7 kafin ta fara. A kan miliyan 9, naira dubu 90 ce a wata. Takan fito da suna irin `PENAL CHARGE` ko `DEFAULT INTEREST`. Don haka ranar cikar wa'adi tana cikin abubuwan da za a rubuta a inda ido ke gani, kuma a bar tazarar ruwan wata ɗaya aƙalla tsakanin bashi da iyaka.

Akwai kuma cajin da ba ya cikin takardar Nuwamba saboda an cire shi tun ranar da aka buɗe obadiraf ɗin, `MANAGEMENT FEE`. Iyakarsa kashi 1 cikin 100, sau ɗaya. A kan miliyan 10, naira dubu 100 ne da harajin 7,500. Duka kuɗaɗen hidimar bashi idan an haɗa su bai kamata su wuce kashi 2 ba. Idan wannan layi yana maimaituwa duk wata uku a kan yarjejeniya ɗaya, a ɗauko takardar a karanta abin da aka sa wa hannu.

Mutumin ya sayi shinkafar miliyan 11 ya sayar miliyan 12. Tazarar miliyan 1 ce, kafin kuɗin mota da buhu da 'yan dako. A cikinta takardar Nuwamba ta ɗauke naira 142,402.59, kusan kashi 89 na wannan kuwa kuɗin ruwa ne. Idan wannan cinikin kaɗai ya yi da obadiraf ɗin, a ƙara 107,500 na buɗewa, kusan rubu'in tazarar ya tafi. Wannan lissafi kafin a shiga fadama ake yin sa, lokacin da ake yanke farashin buhu da kuma kwanakin da za a yarda kamfani ya riƙe kuɗi.

A Kebbi da Zamfara akwai 'yan kasuwa da yawa da ba sa kusantar obadiraf saboda riba, kuma lissafin da ke sama yana ƙara nuna nauyinsa ko a ma'aunin kasuwa. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Ja'iz da Taj da Lotus, suna ba da jari ta wasu hanyoyi kamar murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko. A takardarsu babu layin ruwa, amma kuɗin taransifa da harajin gwamnati da kuɗin saƙo suna nan, kuma da irin wannan ƙirgen ake duba su. Wanda kuma bai taɓa neman obadiraf ba ya ga `DR` a ragowarsa da ɗan ruwa a ƙarshen wata, ya je ya tambaya nan take. Yakan faru idan caji ya sauka a asusun da babu kuɗi, kuma in an bar shi yana ƙaruwa wata bayan wata.

Idan an gano cajin da ya wuce ƙa'ida, faɗa a kantar banki ba ya dawo da kuɗi. A rubuta takarda zuwa ga manajan reshe, a sa lambar asusu, ranar cajin, bayaninsa kamar yadda ya fito, abin da aka cire, abin da ya kamata a cire, da bambancin. A haɗa da kwafin shafin da na takardar yarjejeniya. A tabbatar an buga hatimin karɓa a kwafin da za a riƙe, an kuma ba da lambar bin diddigin ƙorafi. Banki yana da kwana 30 ya warware irin wannan ƙorafi. Idan ya wuce, ko amsar ba ta gamsar ba, sai a kai wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, ta adireshin `cpd@cbn.gov.ng` ko ta reshensa na Birnin Kebbi ko Gusau, tare da lambar nan da kwafin mai hatimi, domin abu na farko da za su nema shi ne shaidar cewa an fara kai wa bankin kansa.